Idan Sunan Mutum Ya Kwanta Maka a Tsakiyar Taro

A kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa da ake ci a Kaduna, mai rumfa zai iya gaisawa da mutane da yawa tun kafin azahar. Washegari wani ya tsaya gabansa da fara'a, ya kira sunansa raɗau, shi kuwa fuska kawai ya shaida.

Wannan ba alamar raini ba ce. Masana ƙwaƙwalwa sun lura cewa sana'ar mutum ta fi sunansa saurin zama a kai, domin sana'a tana tafe da hoto da labari, suna kuwa ba ya faɗin komai game da mai shi. Ga kuma wani dalili: lokacin da ake faɗa maka sunan, hankalinka yana kan abin da za ka ce.

Gaisuwarmu tana rufa asiri. Da "Alhaji", "Malam" ko "Hajiya" sai a yi ya hanya, ya iyali, ya kasuwa, ba wanda ya gane. Amma asirin yakan tonu idan abokin sana'arka ya iso, ya tsaya yana jiran ka gabatar masa da baƙon. Shi ya sa nake ganin a yi tambayar tun gaisuwa ba ta huce ba.

A ce mai sayar da riɗi ne ya haɗu da wanda suka yi maganar buhuna jiya. Sai ya fara da abin da ya riƙe: "Alhaji, ai kai ne mai buga buhuna daga Zariya, muka yi batun farashi jiya. Don Allah ka yi haƙuri, sunan ne ya kwanta mini." Baƙon ya ji an tuna garinsa da sana'arsa da zancen da aka yi, don haka ba zai ji ciwo ba. Haƙuri ɗaya ya wadatar. Da ya faɗi sunan, sai mai riɗi ya maimaita shi nan take, ya koma kan buhuna, ya kuma rubuta "mai buhu, Zariya" a bayan katinsa.

Kada a yi canke. Kiran Salisu da Sani ya fi tambaya muni nesa ba kusa ba. Dabarar miƙa waya a ce "sa mini lambarka" tana aiki wani lokaci, amma mutane da yawa lamba kaɗai suke bugawa su maido maka.

Idan dattijo ne ko mai sarauta, tambayarsa kai tsaye tana da nauyi. Ka tsaya a kan "ranka ya daɗe", ka yi sallama cikin ladabi, sannan ka ja ɗaya daga cikin masu rakiyarsa gefe ka tambayi cikakken sunansa da sarautarsa.