Yadda ake lissafin tara kuɗin sayen babur kafin ranar da aka sa

Yawancin masu niyyar sayen babur kan raba farashinsa na yau da adadin watannin da suka ɗiba wa kansu, su fara ajiya. Matsalar wannan lissafi ita ce farashi ba ya jiran mai tari. Akasarin baburan da ake hawa a Najeriya, irin su Bajaj Boxer, daga waje ake shigo da su ko sassansu, don haka kuɗinsu na bin darajar naira. A watan Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari.

Saboda haka, farashin ranar saye ya kamata a sa a gaba. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke son babur na naira 1,200,000 nan da wata 12. Idan ya raba kai tsaye, zai riƙa ajiye 100,000 duk wata. Amma idan farashin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, babur ɗin zai koma 1,440,000. In ya ware, alal misali, 60,000 domin rajista da lamba da inshora da hular kwano, abin da yake nema ya zama 1,500,000, wato 125,000 a kowane wata.

Wannan adadi ma ba a barinsa haka nan. Bayan wata shida ya kamata ya koma wurin dila ya ji sabon farashi. A lokacin yana da 750,000. Idan ya ga jimillar za ta kai 1,560,000, saura 810,000 ke nan, sai ya ɗaga ajiyarsa zuwa 135,000. In albashinsa ba zai ɗauki hakan ba, gara ya matsar da ranar da wata guda da ya ci bashi.

Inda ake ajiye kuɗin ma yana da tasiri. Asusu na daban wanda ba shi da katin cirar kuɗi ya fi tsare su, musamman idan an umarci banki ya riƙa tura adadin da zarar albashi ya shigo. Tun 2024, hukumar NDIC ke ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci.

Mai zubin adashi kuwa ya duba lokacin ɗaukarsa. Wanda ya kwasa da wuri zai sayi babur kafin ya ƙara tsada, na ƙarshe kuma zai karɓi kuɗin da darajarsu ta ragu, ga kuma hadarin wani ya daina zubi kafin layi ya zo kansa.