DLSS ko FSR: Wanne Ya Fi Dacewa da Ƙaramin Katin Hoto?

Duk wanda ke buga wasan kwamfuta da katin hoto mai ƙaramin ƙarfi ya san wannan takaici: sabon wasa ya buɗe, hoto gwanin ban sha'awa, amma motsi sai cijewa yake yi. Da ka shiga saiti, sai ka tarar da sunaye kamar DLSS da FSR, kowanne da alƙawarin ƙara gudu. Suna ƙarawa kuwa. Abin tambaya shi ne, me ake karɓa daga hannunka kafin a ba ka gudun?

Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne. Allon 1080p yana ɗauke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla sama da miliyan 2, kuma dole kati ya lissafa launin kowane ɗigo sau da dama cikin daƙiƙa guda. Dabarar DLSS da FSR ita ce a sa katin ya zana hoton a ƙarami, sannan a faɗaɗa shi ya cika allo. FSR na farko, wanda kamfanin AMD ya fitar a 2021, hoto ɗaya kawai yake kallo ya shimfiɗa shi ya kaifafa gefuna, shi ya sa bai cika gamsarwa ba. DLSS 2 na kamfanin Nvidia, a 2020, da FSR 2, a 2022, sun bi wata hanya: suna tattaro bayanai daga hotunan da suka gabata, suna bin inda kowane abu ya motsa, su cike gurbin ɗigon da ba a zana ba.

Kafin a zo maganar wanne ya fi, sau da yawa katinka ya riga ya zaɓa maka. DLSS ba ya aiki sai a katunan RTX, domin ya dogara da wasu sassa na musamman da aka gina a cikinsu don lissafin ƙirƙirarriyar basira. Mai GTX 1060 ko GTX 1650 ko RX 580, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, ba shi da rabo a ciki. FSR 2 da FSR 3 kuwa ba su ware kowa ba, suna aiki har a katunan Nvidia da na Intel. FSR 4 na 2025 ya matso kusa da DLSS sosai wajen kyan hoto, sai dai katunan RX 9000 aka fito da shi dominsu, don haka lokacin fitowarsa mai tsohon kati bai ci moriyarsa ba.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne matakan da ke cikin saitin. A allon 1080p, idan ka zaɓi Quality, katin yana zana 1280 da 720 ne, wato kusan kashi 44 cikin ɗari na ɗigon allo. Idan ka sauka zuwa Performance, 960 da 540 yake zanawa, rubu'i ke nan. Masu allon 4K da kake ji suna yabon Performance, nasu daga cikakken 1080p ake faɗaɗa shi, akwai isasshen abin da za a gina a kai. Kai kuwa daga 540 ake so a ƙago maka sauran kashi uku cikin huɗu. Da abin da aka samu ake miya, kuma a nan kayan miyar sun yi kaɗan.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce wasa yana ba ka hoto 40 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana cin milisakan 25. A ce 17 daga ciki aikin ɗigo ne, sauran 8 kuma aikin da bai damu da girman hoto ba, kamar tsara siffofi da zana taswirar inuwa. A Quality, 17 ɗin nan za su koma kamar 7.5. Ka haɗa da 8, ka ƙara kamar 1.5 na aikin faɗaɗawar kanta, domin ita ma ba kyauta take ba, sai ka samu 17, kusan hoto 59 a daƙiƙa. Riba babba ce wannan. A Performance jimillar za ta sauka kusan 14, hoto 73 ko makamancin haka. Idan allonka 60 kawai yake iya nunawa, ka zubar da kusan rabin ɗigon da suka rage maka don gudun da galibinsa idonka ba zai gani ba. Kuma gwargwadon raunin kati, gwargwadon yadda faɗaɗawar ke cin lokacinsa, ribar ta ƙara ƙanƙancewa.

Wajen kyan hoto, ba na ɓoye ra'ayina: a 1080p, DLSS ya fi FSR 2 da FSR 3, kuma tazarar tana ƙaruwa idan aka sauko da mataki. Amma kada ka gwada kana tsaye wuri ɗaya, domin hoton da ba ya motsi kowa yana iya gyara shi. Ka buɗe wasa irin Cyberpunk 2077, wanda ke da dukkan zaɓin, ka yi tafiya kana kallon shingen waya, ganyen bishiya, gashin kai da wayoyin lantarki. A FSR za ka fi ganin siraran abubuwa suna ƙyalƙyali kamar tururuwa na bin su, kuma idan mutum ya gifta, wurin da ya bari yakan yi ɗan tsaki-tsaki kafin ya daidaita. DLSS ma yana da nasa laifin, wani lokaci yakan bar inuwa tana bin bayan mota ko tsuntsu, amma hotonsa ya fi natsuwa. Sabon salonsa da ya zo da DLSS 4 a 2025 ya ƙara kaifin hoto lokacin motsi, sai dai ya fi nauyi a kan katunan RTX 20 da 30, don haka mai RTX 2060 ko 3050 ya duba lambar gudunsa kafin ya zauna a kai. Mai GTX ko tsohon RX kuma kada ya manta da XeSS na Intel. A wasu wasannin hotonsa ya fi na FSR kwanciya, ko da yake yakan ɗan fi cin lokaci.

Akwai lokacin da babu ɗayansu da zai taimake ka. Ka kunna manhajar da ke nuna aikin kati, irin MSI Afterburner. Idan katin yana aiki kashi 97 zuwa 99, shi ne ya gaji, faɗaɗawa za ta yi amfani. Idan yana kan 60 ko 70 amma wasa na cijewa, furosesa ce ta gaza, kuma rage ɗigo ba zai sauƙaƙa mata komai ba. Haka nan katin da ma'ajiyarsa gigabait 4 ce kawai: faɗaɗawa tana rage kaɗan, amma hotunan da ake lulluɓe bango da tufafi da su suna nan da nauyinsu, sai ka sauko da saitin Texture da hannunka.

Sai Frame Generation, wanda mutane ke haɗawa da faɗaɗawa alhali abu ne daban. Shi hotuna yake ƙagowa ya cusa tsakanin na ainihi. Lamba tana hawa, amma amsar da wasa ke ba hannunka ba ta ƙara sauri, hasali ma takan ɗan jinkirta. AMD da kansa ya ba da shawarar a samu kusan 60 kafin a kunna shi. Wanda ke kan 30 ya kunna, zai ga 55 a rubuce, hannunsa kuwa yana jin nauyin 30.

Ni dai a allon 1080p, Quality nake farawa da shi, DLSS idan katin RTX ne, in ba haka ba in gwada FSR da XeSS a wuri ɗaya cikin wasan. Idan gudu bai isa ba, inuwa da hazo da Ray Tracing nake fara ragewa, sai na rasa abin ragewa sannan nake taɓa Balanced.