Takardar Neman Aiki ga Wanda Bai Taɓa Aiki Ba

Matashin da ya gama sakandare ya tashi neman aiki, tambayar farko da ake tare shi da ita ita ce, ina CV ɗinka? Nan da nan sai ya garzaya shagon kwamfuta, a buɗe takardar wani a goge suna a sa nasa. Shi ya sa mai ɗaukar ma'aikata yake ganin takardu ashirin masu magana ɗaya, kowa mai ƙwazo, kowa mai gaskiya da riƙon amana, gurbin ayyukan baya kuma fanko.

A ɗauki misalin wata yarinya a Kano da ta rubuta NECO a 2023, take neman aikin karɓar kuɗi a wani kantin sayar da kayan masarufi. Ba ta taɓa karɓar albashi ba. Amma ta yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, tana zaman shagon atamfar kawunta a Kantin Kwari duk Asabar, kuma tana koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwa. Abubuwan nan uku sun isa cika shafi guda, kuma shafi guda ake so.

A sama za ta sa sunanta kamar yadda yake a takardar jarrabawa, da lambar wayar da take ɗauka, da adireshin imel mai ɗauke da sunanta, ba laƙabin da ƙawaye suka sa mata ba. Sai sunan makaranta, shekarar gamawa da darussan da ta ci, musamman Lissafi da Turanci.

Kwas ɗin ne zai zauna a gurbin da wasu ke jera wuraren aiki. Rubuta "na iya kwamfuta" bai gaya wa mai kanti komai ba. Abin da zai tsayar da idonsa shi ne sunan cibiyar, watannin da aka yi, da abin da hannu ya iya a ƙarshe: shigar da cinikin yini a Excel, haɗa jimilla, buga wasiƙa a Word. Haka yake ga wanda ya koyi ɗinki, walda ko haɗa wutar sola, ko a wurin ubangida ko a shirin hukumomi irin su NDE da ITF. Wanda ya koya a wurin ubangida ba takarda yana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya.

Hali ne ya fi wuyar rubutawa, kuma nan aka fi yin ɓarna. Gaskiya da amana ba abin da mutum zai shaidi kansa da su ba ne. Kowa na iya buga kalmomin. Mai kanti kuwa tsoronsa ɗaya, kada lissafin yamma ya zo da giɓi. Don haka maimakon yabon kai, yarinyar za ta rubuta cewa shekara biyu tana karɓar kuɗin ciniki da hannu da kuma ta na'urar POS, tana rubuta bashi a littafi, tana miƙa lissafi kafin a rufe shago. Koyarwar Islamiyya ita ma ta shiga da adadinta: yara nawa, kwana nawa a mako, tun yaushe. Wanda ya karanta wannan zai gane haƙuri da zuwa a kan lokaci ba tare da an ambace su ba. Sai dai ta kira zaman shagon da sunansa, wato taimako a shagon dangi. Idan ta mai da kanta manaja, tambaya biyu a wurin ganawa ta isa tona asiri.

A ƙasa sai mutum biyu da za su tsaya mata, kamar shugaban makaranta da malamin da ya koyar da ita kwas ɗin. Kawu ba zai faɗi aibin 'yarsa ba, masu ɗaukar aiki ma sun san haka, shi ya sa shaidar dangi ba ta da nauyi. Dole a nemi izinin mutum kafin a sa lambarsa, don sau da yawa ana kira sai a ji ya ce bai gane wadda ake nufi ba.

Lambar BVN da ta NIN ba su da gurbi a wannan takarda, domin hannaye da yawa za ta bi. In ta waya za a tura, a mayar da ita PDF don kada tsarinta ya watse, a kuma sa wa fayil ɗin cikakken sunan mai shi.