Daga "Rikicin Manoma da Makiyaya" Zuwa Tambayar da Za Ta Amsu: Darasi Daga Lafiya Ga Masu Rubuta Kundin Digiri

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama suna haɗa aikin ofis da karatun digiri na biyu, ko a Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka kafa a 2011, ko a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Darussan aji sukan wuce lami lafiya. Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne lokacin rubuta kundi, kuma sau da yawa ciwon yana can tun layin farko: ɗalibi ya zo da maudu'i, yana zaton tambaya ce ya kawo. Maudu'i fili ne mai faɗi. Tambaya kuwa rijiya ce guda da za a haƙa a cikinsa har a tarar da ruwa. Wanda bai bambance su ba yakan cinye watanni yana tara takardu, kuɗin makaranta na ƙaruwa, hutun karatu na ƙarewa, babi na huɗu kuma ya ƙi rubutuwa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Lafiya, wanda ya miƙa wa malamin da ke duba aikinsa wannan take: tasirin rikicin manoma da makiyaya ga ci gaban Najeriya. Batun na da nauyi, musamman tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Amma taken yana da aibi uku. Na farko, babu mai jayayya da amsarsa, domin kowa ya san rikici ba ya kawo ci gaba. Na biyu, ba shi da iyaka ta wuri ko ta lokaci. Na uku, babu wata hujja da ɗalibi ɗaya zai iya tarawa cikin shekara guda har ya ce ya auna "ci gaban Najeriya". Gyaran waɗannan aibobi ɗaya bayan ɗaya shi ne aikin ƙera tambaya.

Neman abin da ake jayayya a kai

Matakin farko shi ne a nemo wurin da masu hankali suka saɓa. A kudancin Nasarawa akwai irin wannan wuri a bayyane. A watan Mayu na 2017 Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya sa hannu kan dokar hana kiwon sake, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara. Bayan haka makiyaya da yawa suka ƙetara da dabbobinsu zuwa Nasarawa, kuma farkon 2018 ya zo da munanan hare-hare a ɓangarori biyu na iyaka.

Daga nan fahimta ta rabu. Wasu na ganin dokar ce ta tura rikicin zuwa maƙwabta, domin ta cunkusa shanu a kan gonaki da mashayar da ba za su ɗauke su ba. Wasu kuma na cewa rikicin ya girmi dokar, suna nuni da kashe-kashen Agatu na 2016, suna cewa da dokar da babu ita wutar na ruruwa a duk yankin. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Ga ma'aunin da ɗalibi zai gwada kansa da shi: ya rubuta amsar da yake tsammani a jimla ɗaya, sannan ya rubuta kishiyarta. Idan kishiyar ta zama abin dariya, to ba shi da tambaya. "Rikici yana amfanar Najeriya" abin dariya ne. Amma "dokar Binuwai ba ta ƙara rikici a Nasarawa ba" magana ce da masani zai iya tsayawa ya kare. Nan ne bincike ke da abin yi.

A nan akwai tarko na musamman ga ma'aikaci ko hadimin babban jami'i. Wanda ya saba rubuta takardar kare manufar ofis yakan shigo da amsa a aljihu, sai ya ƙera tambaya irin ta "yaya dokar ta jawo rikici?" Wannan ta riga ta yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu. Kalmar "shin" ita ce ke barin ƙofa a buɗe. Haka kuma tambayar ko dokar adalci ce ko zalunci muhawara ce ta ra'ayi, wadda ƙidaya ba za ta raba gardamarta ba.

Kafa iyaka

Mataki na biyu shi ne a yanke wuri, lokaci da abin da za a auna, kuma kowace yanka sai da dalili. Nasarawa na da ƙananan hukumomi 13. Awe, Keana da Doma suna kan iyaka da Binuwai, saboda haka idan dokar ta tura rikici, a can ya kamata a fara ganin alama. Sai dai ganin ƙaruwa a can kaɗai bai isa hujja ba, domin mai yiwuwa ko'ina ma ya ƙaru. Dole a samu abin kwatance, wato ƙananan hukumomin da ke nesa da iyakar, kamar Akwanga, Wamba da Kokona.

Lokaci ma yana da nasa sharaɗi. Dokar ta fara aiki ne a Nuwamba, daidai lokacin da damina ta ɗauke, amfani na gona, garkuna kuma na gangarowa kudu. Wanda ya kwatanta watanni shida kafin dokar da watanni shida bayanta ya kwatanta damina da rani ne, ba dokar ya auna ba. Mafita ita ce a ɗauki cikakkun shekaru: daga Nuwamba 2015 zuwa Oktoba 2017, sannan daga Nuwamba 2017 zuwa Oktoba 2019. Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a koma baya sosai ba. Shekarar 2013 ita ce ta rikicin Ombatse, lokacin da aka kashe jami'an tsaro da dama a Alakyo kusa da Lafiya. Sa wannan zamani cikin lissafi zai cakuɗa rikici iri biyu masu asali daban.

Saura abin aunawa. "Rikici" kalma ce mai santsi, sai an ɗaure ta. Ɗalibin zai iya cewa yana nufin duk wata arangama ko hari tsakanin manoma da makiyaya da aka ba da rahoton an rasa rai aƙalla ɗaya a cikinsa. Ƙidayar aukuwa ta fi ƙidayar mamata aminci, domin adadin mamata ne rahotanni suka fi saɓawa a kai.

Bayan wannan sassaƙa, tambayar ta koma haka: shin hare-haren da aka rasa rai a cikinsu tsakanin manoma da makiyaya sun ƙaru a Awe, Keana da Doma fiye da yadda suka ƙaru a Akwanga, Wamba da Kokona, cikin shekara biyu bayan dokar Binuwai ta fara aiki, idan aka kwatanta da shekara biyu kafinta? Ta yi tsawo, ba ta da armashin take na farko, amma duk wanda ya karanta ta ya san abin da za a ƙirga da inda za a ƙirga shi.

Shin akwai hujjar a hannu?

Mataki na uku shi ne wanda ake yawan tsallakewa: a tabbatar bayanan suna nan kafin a kai tambayar gaban kwamiti. Akwai rumbunan bayanai na fili irin su ACLED da Nigeria Watch, masu tattara rahotannin tashin hankali tare da rana da wuri. Ƙananan hukumomi 6 sau watanni 48 sun ba da gurabe 288, aikin da mutum ɗaya zai iya kammalawa. Gwajin mako guda ya isa: ɗalibi ya ɗauki Keana kaɗai, ya cika watanni shida. Idan ya tarar ba ya iya tantance harin makiyaya daga fashi ko satar shanu, to ma'anar da ya ba "rikici" na bukatar gyara tun yanzu, ba bayan an amince da take ba.

Kafin ya ga sakamako, yana da kyau ya rubuta abin da zai sa ya yarda ya yi kuskure. A ƙaddara, da alƙaluman misali kawai, hare-haren iyaka sun tashi daga 20 zuwa 50, na can nesa kuma daga 10 zuwa 12. Wannan ya dace da ra'ayin cewa dokar ta tura rikici. Amma idan na nesan sun tashi daga 10 zuwa 25, to ɓangarorin biyu sun ninka daidai wa daida, sau biyu da rabi, kuma ba za a ɗora wa dokar alhaki ba. Tambayar da kowane sakamako ke tabbatar da ra'ayin mai ita ba tambayar bincike ba ce.

Dole kuma ya san raunin hujjarsa. Rumbunan nan sun dogara ƙwarai ga rahotannin jaridu. Bayan kashe-kashen Guma da Logo a Janairun 2018 idon 'yan jarida ya koma kan yankin, don haka wani ɓangare na ƙaruwar na iya zama ƙaruwar rahoto ne, ba ta hari ba. Taraba, wadda ke maƙwabtaka da Awe, ita ma ta yi irin wannan doka a 2017. Sannan a 2018 sojoji suka ƙaddamar da rundunar Operation Whirl Stroke a yankin, abin da zai iya rage hare-hare a shekara ta biyu. Waɗannan ba sa rusa tambayar, amma suna taƙaita girman iƙirarin da za a yi. Hira da masu sarauta, shugabannin manoma da ardo-ardo a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu za ta taimaka wajen gano ta wace hanya abin ya faru, in har tsaro ya ba da damar zuwa.

Akwai gargaɗi na ƙarshe ga wanda fayil ke wucewa ta teburinsa. Rahoton tsaron da ma'aikaci ya gani a ofis ba nasa ba ne da zai sa a kundi, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, amma ta keɓe bayanan da suka shafi tsaro. Saboda haka tambayar da rayuwarta ta rataya kan takardar da ba a tabbatar za a saki ba, gini ne a kan yashi. A gina ta kan abin da ke fili, idan takardar hukuma ta samu ta zama ƙari.

Ɗalibin da ya bi waɗannan matakai zai shiga gaban kwamiti da jimla ɗaya, taswirar ƙananan hukumomi shida, da jadawalin Keana da ya riga ya fara cikawa. Idan aka tambaye shi me zai samu, amsarsa ta gaskiya ita ce bai sani ba tukuna, amma ya san ranar da zai sani.