Goge manhaja ba ya hana a ci gaba da cire maka kuɗi

Ka goge manhajar kallon finafinai, amma ƙarshen wata sai ga saƙon banki: an cire naira 3,000. Izinin ba a wayarka yake zaune ba.

Idan da katin ATM ka yi rajista, kamfanin na riƙe da wata lamba mai wakiltar katin. Soke rajistar a shafinsu. In sun ƙi, sa banki ya toshe katin.

Idan kuwa a kan asusun kansa ka ba da izini, irin mai bi ta NIBSS ko Remita, toshe kati aikin banza ne. Rubuta wa bankinka ya soke izinin, ka karɓi shaida a rubuce. In bashi ne, sokewar ba ta yafe shi.