Tunda yana cin abinci lafiyarsa lau? Ciwon haƙori a bakin kare da kyanwa

Na gaji da jin wata magana daga bakin masu karen gadi da masu kiwon kyanwa. Za ka ga dabba bakinta na wari tun daga nesa, dasashi ya yi jawur, yawu na zuba da ɗigon jini, amma da ka yi magana sai mai ita ya ce, "Haba malam, ai yana cin abinci, da ciwo yake ji da bai ci ba. Warin baki kuwa, ka taɓa jin kare mai ƙamshin baki?" Wannan zance ya jawo wa dabbobi da yawa shekaru na azaba a cikin gidajen mutanen da suke ganin suna kula da su.

Yadda abin ke farawa ba wani mai wuyar fahimta ba ne. Babban kare haƙora 42 gare shi, kyanwa kuma 30. Awoyi kaɗan bayan an tsabtace haƙori, wata dauɗa mai yauƙi, wadda ƙwayoyin cuta ne fal a cikinta, takan fara manne masa. Idan ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran da ke cikin yawu sai su daskarar da ita ta koma ɓawo mai tauri, ruwan ƙasa, wanda buroshi ba ya iya cirewa. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan matakin idan an wanke da kyau komai na komawa daidai. Idan aka bari, cutar sai ta gangara ƙarƙashin dasashi, ta cinye zaruruwan da ke riƙe haƙori, ta fara cin ƙashin muƙamuƙin da saiwar take ciki. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa.

To, mu dawo kan batun cin abinci. Dabba ba ta da zaɓi. Yunwa ta fi ciwon haƙori ƙarfi, kuma kare da kyanwa duk halittu ne masu ɓoye rauni. Kai kanka, mai karatu, ranar da haƙorinka ya yi ciwo ka daina cin tuwo ne? Ka dai koma taunawa da ɗaya gefen. Haka su ma suke yi, sai dai su babu bakin faɗa. Bugu da ƙari, kare ba ya tsayawa tauna abinci sosai, yankawa yake ya haɗiye, don haka yana iya share kwano tas da ruɓaɓɓen haƙori a baki. Ranar da ka ga ya ƙi abinci gaba ɗaya saboda baki, ka sani abin ya daɗe da lalacewa.

Mai lura zai ga alamu tun kafin nan. Karen da a da yake murƙushe abu mai tauri yanzu ya ɗauka ya yar. Yana karkatar da kai in yana ci. Gefe ɗaya na bakinsa ya fi ɗaya tara ɓawo, domin ya daina taunawa da shi. Kyanwa kuma takan zo wurin kwano da gudu, ta kai baki, sai ta ja da baya kamar an tsikare ta, wani lokaci har da ƙara. Ta daina lashe jikinta, gashinta ya cukurkuɗe. Sai a ce ta tsufa ne, ko ta zama mai tsirfa. Shi kuwa warin nan da ake cewa ɗabi'a ne, warin ƙwayoyin cuta ne da naman da ke ruɓewa.

Akwai wasu kuma da suka yarda akwai matsala, amma maganinsu ya fi ba ni haushi. A danne dabba, a sa ƙarfe a kankare ɓawon da ke bayyane, haƙori ya yi fari, a karɓi kuɗi. Wannan kamar mutum ne ya shafa wa dirkar rumfa fenti alhali gara na cin gindinta a cikin ƙasa. Fiye da rabin haƙorin kare a binne yake cikin ƙashi, kuma can cutar take. Ba dabbar da za ta tsaya idonta biyu a zura mata ƙarfe a ƙarƙashin dasashi mai ciwo. Kankarewar ma tana barin zane-zane a jikin haƙori inda sabuwar dauɗa ke saurin kamawa. Aikin gaskiya sai da allurar barci, a sa bututun numfashi don kada ruwa da datti su gangara huhu, a wanke sama da ƙasan dasashi, a goge haƙorin ya yi sumul.

A lokacin da dabbar ke barci ne likita ke zura wani siririn ƙarfe mai alamun milimita tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen kare zurfin wurin ba ya wuce milimita 3, a kyanwa kuwa bai kamata ya wuce milimita 1 ba. Idan ƙarfen ya nutse milimita 6 ko 7, an san rami ya buɗe. Sannan a ɗauki hoton eksire na haƙoran, da ƙaramin faifai da ake sakawa cikin bakin. Hoton ne ke nuna iyakar ƙashin da ya rage, da ƙurjin da ke ƙarshen saiwa, da guntun saiwar da ya karye ya maƙale.

Ɗauki misalin da likitocin dabbobi ke yawan gani. Karen gadi, an saba jefa masa ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta, wai don ya ƙara masa ƙarfin haƙori. Wata rana sai kumburi ya fito a ƙasan idonsa, ya fashe yana fitar da mugunya. Mai gida ya ɗauka cizo ne ko harbin wani ƙwaro, ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Kumburin ya sace, bayan 'yan makonni ya dawo. Abin da ya faru shi ne, babban haƙorin yanka na sama, wanda kare ke datse ƙashi da shi, ya tsage, gefensa ya ɓalle, ɓargon cikinsa ya bayyana. Idan ka ɗaga leɓe za ka ga ɗigo ja ko baƙi a tsakiyar tsagin. Ƙwayoyin cuta sun bi ta nan har ƙarshen saiwa, saiwoyin wannan haƙori kuwa a ƙasan ido suke. A hoto, sai a ga baƙin da'ira kewaye da bakin saiwar, wurin da ƙashi ya narke. Magani ba zai taɓa warkar da shi ba, domin cikin mataccen haƙori babu jinin da zai kai maganin.

Mafita biyu ce: ko a kwashe ɓargon a cike ramin, aikin da sai ƙwararre mai kayan aiki, ko a cire haƙorin. Cirewar ma tiyata ce. Wannan haƙori saiwa uku gare shi da suka baje, don haka likita zai yi allurar kashe zafi a wurin, ya ɗaga dasashi, ya rage ƙashi kaɗan, ya yanka haƙorin gida uku, ya fitar da kowace saiwa ita kaɗai. Ya sake ɗaukar hoto ya tabbatar ba a bar guntu ba, ya ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Abinci mai laushi na kamar mako biyu, shi ke nan. Wanda ya sa filaya ya finciko irin wannan haƙori, kan kawai zai karya, ya bar saiwoyi suna ci gaba da ruɓa. A ƙananan karnukan nan na cikin ɗaki, waɗanda cutar ta fi kamawa saboda cunkoson haƙora, fincikar haƙorin ƙasa na iya karya muƙamuƙin kansa idan ƙashi ya riga ya zaizaye.

Yaushe ne cirewa ta zama dole? Idan sama da rabin ƙashin da ke riƙe saiwa ya tafi, ko haƙori na girgiɗi sosai, ko ƙarfen awo yana ratsawa tsakanin saiwoyi ya fita ta ɗaya gefen. Haka idan ramin fiƙar sama ya huda har cikin hanci, abin da ke sa kare atishawa da majina ta hanci ɗaya. Idan asarar ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wanki mai kyau da kulawa a gida sukan ceci haƙorin. Tsakanin waɗannan biyu, hukuncin ya dogara da ko mai dabbar zai jure gogewa kullum.

Kyanwa tana da nata ciwon daban, inda jikinta da kansa ke narkar da haƙori, yawanci daga bakin dasashi. Ba a cike irin wannan rami, cirewa ake yi, kuma hoto ne kaɗai ke nuna ko saiwar na nan a ciro ta ko ta riga ta narke ta haɗe da ƙashi. Akwai kuma kumburin da ke mamaye bakin kyanwa har can ciki, wanda sau da yawa sai an cire mafi yawan haƙora ko dukkansu, kuma akasarin kyanwoyin sukan samu sauƙi sosai. Masu tambayar da me za ta ci, su kwantar da hankali: kyanwa marar haƙori tana ci fiye da mai baki cike da ciwo. Ciwon ƙoda da na sukari da wasu cututtuka ma sukan taɓa baki.

Abin da za ka yi a gida shi ne gogewa, kullum idan zai yiwu, domin dauɗar ba ta jiran mako. Sa safar hannu, ka nemi buroshi mai laushi irin na yara ko ƙyalle mai tsabta a naɗe a yatsa. Fara tun yana kwikwiyo, da ɗaga leɓe kawai na 'yan daƙiƙu, ka ba shi ɗan abin daɗi, a hankali ka ƙara. Ba sai ka wage bakin ba, gefen waje na haƙoran, daidai inda suka haɗu da dasashi, shi ne mai muhimmanci. Kada ka yi amfani da man goge bakin mutane, domin dabba haɗiyewa take yi, kuma wasu na ɗauke da sinadarin zaƙi na zayilitol wanda guba ne ga kare. In babu na dabbobi, ruwa zalla ya isa. Bakin da ya riga ya yi ciwo kuwa ba a fara masa da buroshi, likita ake fara kai wa. A daina ba da ƙashi mai tauri da ƙaho da kofato.

Don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibufurofen da daikulofenak kuma suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Sannan a ƙasarmu akwai ciwon haukan kare: dabbar da ba a yi wa rigakafi ba, ta fara dalala kwatsam, ta kasa haɗiya, halinta ya canja, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinta kana neman ƙashin da ya maƙale. Killace ta ka kira likita.

Ba kowane asibitin dabbobi ke da na'urar hoton haƙori ba, don haka ka tambaya kafin a fara aiki, in ya kama a tura ka asibitin koyarwa irin na jami'o'in Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. Idan dabbarka tana da rigakafi kuma ta saba da hannunka, ka ɗaga leɓenta yau ka dubi haƙoran can baya. In ka ga ja, ko ɓawo, ko tsagi, ka kai ta ko da tana cinye abincinta.