Tsanin Da Ke Kwance Ƙullin Lissafi

Ka jingina tsani mai tsawon mita 5 a jikin bango, ka ja gindinsa mita 3 daga bangon. Kansa zai kai mita 4 a sama, bisa ƙa'idar Fitagoras. In kuwa nisan gindin x ne, tsayin ya zama √(25 − x²). Irin wannan saiwa ce ke taƙaita ɗaliban kalkulas idan ta faɗo cikin intagiral, wato lissafin tara ƙananan gutsattsari don gano jimilla. Alhali tsani da bango da ƙasa sun riga sun zana alwatikar da za ta warware ta.

Mu ɗauki ∫ dx / (x²√(25 − x²)). Mu kira kusurwar da ke tsakanin kan tsani da bango θ. Gefen da ke fuskantar ta shi ne x, dogon gefe kuwa 5, don haka x = 5 sin θ. Nan take saiwar ta narke, ta koma 5 cos θ, domin 1 − sin²θ = cos²θ. Shi ma dx dole ya sauya, ya zama 5 cos θ dθ. A nan da yawa ke tuntuɓe, su mance da shi. Alamar mantuwar ita ce a ga dx da θ zaune a layi guda.

Da an zuba komai, 5 cos θ na sama ya cinye na ƙasa, saura (1/25)∫ csc²θ dθ, wanda ya ba da −(1/25) cot θ + C.

Sai dai da x aka yi tambaya, da x kuma za a amsa. A ganina wannan ne mataki mafi daɗi, don ba ya bukatar hadda. Ka dubi zanenka kawai: cot θ shi ne gefen bango a raba da gefen ƙasa, wato √(25 − x²)/x. Amsa ke nan: −√(25 − x²)/(25x) + C. Mai shakka ya gwada da x = 3, zai ga cot θ ya fito 4/3, daidai da tsaninmu na farko.

Dabarar tana da iyaka. Ana tsare θ tsakanin −90° da 90° don kada cos θ ya faɗa ƙasa da sifili, x kuma ba ya wuce 5, tunda gindin tsani ba ya nisan da ya fi tsanin kansa.

Wani lokaci saiwar kan zo a ɓoye, kamar √(16 + 6x − x²). In aka cike murabba'i sai ta zama √(25 − (x − 3)²), tsanin ɗazu ne, x − 3 ya maye gurbin x. In alamar tarawa ce, √(25 + x²), to saiwar ce ta koma tsanin, sai a kama x = 5 tan θ.